Fuloraid da haƙori: yadda yake ƙarfafa shi, da yadda yake ɓata shi idan ya yi yawa

Akwai garuruwan da idan yaran makaranta suka yi dariya, sai ka ga haƙoransu na gaba da dabbare-dabbare. Na wasu fari ne fat kamar alli, na wasu ruwan ƙasa, wasu kuma har da 'yan ramuka. An san wannan a Langtang ta jihar Filato, da Kaltungo ta jihar Gombe, da gundumar Bongo a arewacin Ghana, da Tibiri kusa da Maraɗi. Baƙo idan ya gani, abin da yake fara zuwa masa shi ne ƙazanta, ko kuma yaron ya fara cin goro da wuri. Uwa ta sa gawayi da toka ta dirje bakin har dasashi ya yi jini, tabon yana nan daram. Ba zai fita ba, domin a cikin jikin haƙorin yake, kuma an dasa shi tun haƙorin yana ɓoye a muƙamuƙi, shekaru kafin yaron ya yi famfara.

Abin da ya jawo shi wani sinadari ne mai suna fuloraid, wanda yake narke a ruwan sha ba tare da launi ko wari ko ɗanɗano ba. Shi ne kuma ake zubawa da gangan a man goge baki don hana haƙori ruɓewa, kuma yana hanawa ɗin. Abin da ya raba amfaninsa da ɓarnarsa shi ne hanyar da ya bi ya isa haƙori, da shekarun mai haƙorin a lokacin.

Farin ɓawon da ya lulluɓe kan haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam. Kaurinsa a wurin tauna yakan kai milimita biyu da rabi. Kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyinsa ma'adini ne, wasu siraran ƙwayoyi dogaye da aka jera a matse, ana ce musu haidiroksiyafatait. Sunan yana da nauyi a baki, amma kayan haɗin uku ne kacal: kalsiyam, da fosfet, da haidiroksil. Masana suna rubuta shi Ca10(PO4)6(OH)2. Kalsiyam da fosfet su ne gangar jikin ƙwayar. A tsawonta kuma akwai wasu siraran kafofi, kowace an kewaye ta da kalsiyam uku-uku, kuma a cikin kafofin nan haidiroksil yake zaune. Zamansa bai daidaita sosai ba. Bai shige tsakiyar kalsiyam ukun ba, ya ɗan goce sama ko ƙasa, kuma nan ne lagon haƙori yake.

Mai cin wannan lagon shi ne tsami. Ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin dattin da ke manne wa haƙori suna cin sukari su fitar da asid. Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Miyau a zaune lafiya yana wajen 7. Da mutum ya kurɓi shayi mai sukari ko ya tsotsi alawa, cikin 'yan mintuna tsamin da ke kan haƙori yakan sauka ƙasa da 5.5. Daga nan asid yake fara janye haidiroksil ya mai da shi ruwa, ya kwance fosfet, kalsiyam ya sulale. Bayan rabin awa zuwa awa ɗaya miyau yakan wanke tsamin, kuma da yake shi ma yana ɗauke da kalsiyam da fosfet, sai ya mayar wa haƙorin abin da ya rasa. Haka ake yi kullum a bakin kowa, ana ɗiba ana mayarwa. Kogon haƙori, wanda muke ɗora wa tsutsa, yana samuwa ne idan ɗiban ya fi mayarwar yawa na tsawon watanni.

Fuloraid yana da caji irin na haidiroksil, ya kuma ɗan fi shi ƙanƙanta. Saboda haka yana iya maye gurbinsa, kuma idan ya shiga yakan zauna daidai tsakiyar kalsiyam ukun nan, ya riƙe su gam. Ga yadda ake rubuta musayar:

Ca10(PO4)6(OH)2 + 2F⁻ → Ca10(PO4)6F2 + 2OH⁻

Sabon ma'adinin shi ake kira fulorafatait. Ba ya fara narkewa sai tsami ya kai wajen 4.5. Tazarar da ke tsakanin 5.5 da 4.5 kamar ba ta taka kara ta karya ba, amma ninki goma ne na tsami, kuma yawancin abin da sukari ke haddasawa a baki a cikin wannan tazarar yake ƙarewa.

Abin da ke faruwa a cikin tazarar shi ya fi kyan lura. A ce tsami ya tsaya a 5. Tsohon ma'adinin yana narkewa, yana sakin kalsiyam da fosfet cikin ɗan ruwan da ke jikin haƙori. Idan babu fuloraid a wurin, sun tafi ke nan. Idan akwai shi, ko da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, to wannan ruwan da yake narkar da tsohon ma'adini yana iya haifar da sabo, domin fulorafatait ba ya narkewa a 5. Sai kalsiyam da fosfet ɗin da suka kwance su haɗu da fuloraid, su sake daskarewa a kan ƙwayoyin da suka fara zaizayewa. A wajen sake daskarewar kuma ana barin kabonet a waje, wani gurɓi da inamel ke fitowa da shi wanda ke sa shi saurin narkewa. Wurin da asid ya taɓa ya warke da fuloraid yakan fi yadda yake a da juriya.

An daɗe ana zaton cewa sai yaro ya haɗiyi fuloraid ya shiga ginin haƙorinsa sannan zai amfana. Wani gwaji da masana a Oslo ta ƙasar Norway suka wallafa a 1988 ya girgiza wannan zato. Haƙorin kifin shak kusan zallar fulorafatait ne, fuloraid ɗin da ke cikinsa ya haura kashi 30,000 cikin miliyan, alhali saman inamel ɗin mutum yakan tsaya a dubu ɗaya zuwa uku. Suka yanko ƙananan yanki na haƙorin kifin, suka manna a wani abin sawa a baki, mutane suka yi makonni suna yawo da shi datti na taruwa a kai. Haƙorin kifin ma ya zaizaye, ko da yake bai kai na mutum ba. Darasin da aka ɗauka shi ne cewa fuloraid ɗin da ya fi aiki shi ne wanda yake narke cikin miyau da dattin haƙori a daidai lokacin da asid ya kawo hari. Shi ya sa man goge baki yake da tasiri ga yaro da tsoho baki ɗaya. Yana ɗauke da kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, yana barin 'yan ɗigo-ɗigon kalsiyam fuloraid a jikin haƙori, waɗanda ke sakin fuloraid a hankali duk sa'ad da tsami ya tashi. Wanda ya goge baki ya bi da kurkura kofi biyu na ruwa ya zubar da wani ɓangare na ribarsa. A tofar da kumfar kawai ya fi.

Duk wannan a wajen haƙori yake faruwa, bayan ya tsiro. Tabon kuwa daga ciki yake zuwa, ta hanyar jini.

Inamel yana da magina, wasu ƙwayoyin halitta da ake kira amelobilas, kuma aikinsu ya yi kama da zuba dakin na siminti. Kafin a zuba sai kafinta ya kafa katako da turaku, kuma bayan simintin ya kama dole a cire katakon. Su ma maginan haƙori da farko suna shimfiɗa wani furotin mai laushi, amelojenin, wanda ke tsara inda siraran ƙwayoyin ma'adini za su miƙe. Idan kauri ya cika sai a shiga mataki na biyu, na nuna. Maginan su saki sinadaran da ke yanyanka furotin ɗin, su kwashe shi tare da ruwa, su yi ta turo kalsiyam da fosfet har ƙwayoyin su yi kauri su cike gurbin. Idan fuloraid ya yi yawa a jinin yaro a wannan lokaci, kwashe furotin ɗin yana yin nawa. Ana gama ginin da guntayen katako a ciki. Fatar sama takan yi tauri, amma ƙarƙashinta akwai ƙananan kafofi cike da ruwa da ragowar furotin inda ya kamata a ce ma'adini ne. Da haƙori ya huda dasashi, maginan sun ƙare, jiki ba ya sake yin wasu. Abin da aka gina shi mutum zai riƙe har tsufa.

Daga waɗannan kafofin ake gane duk abin da ido ke gani. Lafiyayyen inamel haske yana ratsa shi, shi ya sa yake da sheƙi. Mai kafofi yana warwatsa haske, sai ya fito fari marar sheƙi. A mataki mafi sauƙi, siraran layuka ne farare a kwance, sai an busar da haƙorin ake ganinsu da kyau. Idan abin ya ƙaru, layukan su haɗe su zama faci, ko haƙorin gaba ɗaya ya koma kamar alli. Ruwan ƙasan da mutane suka fi tsana ba da shi haƙorin ke fitowa ba. Yana fitowa fari, daga baya launin abinci da abin sha su shige kafofin su zauna, shi ya sa tabon yake ƙara duhu da shekaru, kuma ya fi tsanani a haƙoran gaba na sama. Ramukan ma bayan fitowa suke samuwa, idan tauna ta farfasa siririyar fatar da babu abin da ya tallafe ta a ƙasa. Haƙori mai ɗan farin tabo yakan yi juriya ga ruɓewa. Wanda ya kai ga ramuka ya yi rauni, yana gutsurewa, yana saurin cinyewa.

Lokacin haɗarin yana da iyaka. Haƙoran gaba na dindindin suna fara daskarewa tun jariri yana da wata uku zuwa huɗu, kansu yana kammala wajen shekara huɗu zuwa biyar, kuma sun fi saurin tabuwa tsakanin wata 15 da wata 30. Zuwa shekara takwas an gama ginin kan duk haƙora in ban da na can ƙurya da ke fitowa bayan balaga. Babba da ya koma garin da ruwansa ke da fuloraid mai yawa haƙorinsa ba zai yi tabo ba. Yaron da ya sha ruwan yana ɗan shekara biyu kuwa, ko da iyayensa sun tashi daga garin, zai ga sakamakon yana ɗan bakwai ko takwas. Wannan jinkirin na shekara biyar shi ke sa iyaye ba sa danganta tabon da rijiya.

Su ma likitoci sun daɗe kafin su danganta. A 1901 wani matashin likitan haƙori, Frederick McKay, ya buɗe wurin aiki a Colorado Springs ta Amurka, ya tarar da yawancin 'yan asalin garin da haƙora masu tabo. Ya lura cewa waɗanda suka zo garin da girmansu ba su da shi, kuma masu tabon ba su cika samun kogon haƙori ba. Ya zargi ruwa, har ya shawo kan mutanen Oakley a jihar Idaho suka sauya wurin ɗiban ruwansu, yaran da aka haifa daga baya suka fito da haƙora lafiya. Amma sai a 1931 wani masanin sinadarai, H. V. Churchill, ya auna ruwan garin Bauxite a jihar Arkansas ya samu fuloraid miligiram 13.7 a kowace lita. Daga nan H. Trendley Dean ya bi birane yana kwatanta ruwa da haƙoran yara, ya gano cewa a wajen miligiram 1 ruɓewa tana raguwa sosai, tabo kuma bai wuce ɗan kaɗan ba. A kan haka birnin Grand Rapids ya fara zuba fuloraid a ruwan famfo a 1945. A 2015 Amurka ta mayar da shawararta zuwa 0.7, domin yanzu yara suna samun fuloraid daga man goge baki ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ruwan sha a miligiram 1.5 a lita.

Wannan iyakar tana buƙatar a karanta ta da hankali a ƙasar zafi, domin jiki ba ya lissafi da lita, abin da ya shiga ciki gaba ɗaya yake ƙirgawa. Mu ɗauki yarinya 'yar shekara biyu mai nauyin kilo 12. Masana suna ganin abin da ya dace yaro ya samu a rana shi ne wajen miligiram 0.05 a kowane kilo na nauyinsa, kuma kada ya wuce 0.1. Ke nan rabon yarinyar nan 0.6 ne, iyakarta 1.2. A watan Afrilu, tsakanin ruwan da take sha da wanda aka dama mata koko da kunu, a ce lita ɗaya ta shiga cikinta. Idan rijiyar gidansu tana da 0.5 a lita, tana cikin rabonta. Idan tana da 1.5, wato daidai iyakar da aka halatta, ta riga ta haura tata iyakar. Idan tana da 4, ta sha fiye da ninki uku na iyakarta, kuma haka za ta yi ta sha kullum a daidai watannin da ake gina haƙoranta na gaba.

Sai a ƙara makilin a kai. Idan yayarta ta matsa mata shi tsawon burushi, kusan giram ɗaya ke nan, mai ɗauke da miligiram 1.45 idan irin na manya ne. Yarinya 'yar shekara biyu ba ta iya tofarwa ba, ga shi kuma yana da zaƙi. Ta haɗiye rabi safe da dare, ta samu 1.45 daga burushi kaɗai, ko da ruwan gidansu ba shi da laifi. Da a ce gwargwadon ƙwayar shinkafa aka shafa mata, abin da zai hau burushin bai wuce 0.15 ba, kuma haƙoranta za su samu kariyarsu. Wannan shi ne ma'aunin yaro ƙasa da shekara uku. Daga uku zuwa shida, gwargwadon ƙwayar wake ƙarama, babba yana tsaye har a tofar. Nonon uwa kuwa fuloraid ɗinsa kaɗan ne ƙwarai ko da ruwan da uwar ke sha yana da yawa, amma madarar gwangwani tana ɗaukar duk abin da ke cikin ruwan da aka dama ta da shi.

Ana iya rarrabe wannan tabo da sauran ba tare da na'ura ba. Yana zuwa bibbiyu: idan haƙorin dama yana da shi, takwaransa na hagu ma yana da shi, domin tare aka gina su. Haƙori ɗaya tilo mai tabo yawanci buguwa ce ko ciwon da haƙorin yarinta ya yi a samansa. Jan goro da fure da baƙin shayi a sama suke, likita yana kankare su. Farin da ke nuna farkon ruɓewa yana bin gindin haƙori kusa da dasashi, inda datti ke taruwa. Babbar shaida kuma ita ce maƙwabta. Idan yaran unguwa ɗaya, masu shan rijiya ɗaya, duk suna da shi, magana ta ƙare.

A irin wannan unguwar haƙori gargaɗi ne kawai. Kusan duk fuloraid ɗin da jiki ya riƙe a ƙashi da haƙori yake taruwa, kuma yaro ya fi babba riƙewa. A Tibiri, bayan an fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980, yara suka taso da haƙora masu tabo, ɗaruruwansu kuma ƙafafu suka lanƙwashe. Da aka auna, fuloraid ɗin ruwan ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau uku, kuma an shafe shekaru fiye da goma ana sha. Abin da ke ƙona rai shi ne ruwan garau yake, mai daɗin sha. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya daɗe kwance a jikin duwatsu masu fuloraid, musamman idan kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, shi ya fi ɗaukowa. Rijiyoyi biyu a gari ɗaya suna iya bambanta nesa ba kusa ba, saboda haka sakamakon rijiyar maƙwabci ba ya wadatarwa.

Tafasa ruwa ba ya cire fuloraid, ƙara masa ƙarfi ma yake yi idan ruwan ya ƙone. Tacewa da ƙyalle ko barinsa ya kwanta a randa duk ba sa taɓa shi. Abin da ke aiki shi ne sauya rijiya, ko gauraya ruwan da na sama da aka tara da tsafta, ko na'urar tacewa mai matsa ruwa ta cikin siririyar fata, ko haɗin alif da farar ƙasa da aka auna, wanda aka fi sani da hanyar Nalgonda ta Indiya. Akwai kuma gawayin ƙashi, wanda aka daɗe ana amfani da shi a Nakuru ta Kenya. Ƙashin dabba da aka ƙona haidiroksiyafatait ne, saboda haka yana kama fuloraid ta hanyar musayar nan da muka gani a haƙori, har ya cika a sauya shi. Idan ruwa mai kyau bai isa kowa ba, a ware shi don sha da girkin yara 'yan ƙasa da shekara takwas. Wanka da wanki da ruwan rijiyar ba su da illa.

Wanda tabon ya riga ya kama, likitan haƙori yana iya goge siririn saman da magani, ko ya haskaka launin, ko ya cike kafofin, ko ya lulluɓe haƙorin idan ya yi ramuka. Dirza da yashi ko gawayi ko lemon tsami cinye ɗan inamel ɗin da ya rage kawai yake yi. Kuma kada a daina man goge baki saboda tabo, domin haƙorin da ya riga ya fito ba ya ƙara tabuwa da shi.

Ga masu haƙa rijiyar burtsatse, ko attajiri mai sadaka ne, ko ɗan majalisa, ko ƙungiyar unguwa: kafin a buɗe famfo a kai ruwan ɗakin gwaji, a ce musu a auna fuloraid da sunansa, domin gwajin ƙwayoyin cuta ba ya nuna shi. Kuɗin gwajin bai kai ko kusa da kuɗin haƙa ba. Idan sakamako ya haura 1.5, kada a ba yara su sha sai an gyara.